Abin da koyar da lissafi da majigi ya koya mini

A ƙarshen zangon nan na ajiye aiki a makarantar kuɗin da nake koyar da lissafi a cikin birnin Kano. Wasu daga cikin malaman da na bari sun nemi in bar musu silaid ɗin da nake koyar da 'yan SS1, na kuma ba su. Amma wanda bai san dalilin tsarinsu ba, zai matse su wuri guda, domin abin da za a buƙace shi ya yi ke nan, kamar yadda aka buƙace ni.

Duk wanda ya yi aiki a can ya san ƙa'idar mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu. Silaid ɗin darasi ɗaya kada su wuce takwas, kuma su ɗauke duk abin da ke cikin lesin not: manufa, abin da ɗalibai suka riga suka sani, gabatarwa, bayani, tambayoyi da taƙaitawa. Dalilinsa shi ne ya samu ya buga su a takarda ɗaya ko biyu ya sa a fayil saboda masu duba makarantu. Wato an tsara silaid ɗin don fayil, ba don yarinyar da ke zaune a bencin ƙarshe ba. Ni kuma a darasin minti 40 nakan kai silaid goma sha huɗu ko sha biyar, kowace da magana ɗaya tak. Daga nan rashin jituwarmu ta faro.

Bari in ɗauki darasin da aka yi rigimar a kansa, wato warware lissafin kwadiratik ta hanyar raba shi baka biyu. A littafi shafi ɗaya ne. Amma idan ka zauna ka ƙirga abin da ƙwaƙwalwar ɗan SS1 za ta riƙe kafin ya kai ga amsa, za ka tarar abubuwa huɗu ne daban, kuma yaro yana iya gane uku ya faɗi a na huɗun.

Silaid ta farko ba ta da x ko ɗaya. Abin da ke kanta kawai shi ne a × b = 0, da tambaya a ƙasa: me za ka iya cewa game da a da b? Sai na yi shiru. Can wani zai ce dole ɗayansu sifili ne. Nakan tsaya a nan fiye da yadda ake zato, domin duk darasin a kan wannan gaskiyar yake tsaye. Silaid ta biyu wasan lambobi ce: nemo lambobi biyu da idan an ninka su za a sami 6, idan an haɗa su a sami 5. Har yanzu babu x. Yara suna son wannan, har waɗanda ke tsoron lissafi sukan ɗaga hannu su ce 2 da 3. A ta uku ne x² + 5x + 6 = 0 ke fitowa, in nuna inda 6 da 5 ɗin nan suke zaune, mu rubuta (x + 2)(x + 3) = 0. A ta huɗu mu koma ga maganar sifili: ko dai x + 2 = 0 ko x + 3 = 0, don haka x = −2 ko x = −3.

Idan ka zuba waɗannan huɗun a silaid ɗaya, abin da ke faruwa kowa ya taɓa gani. Da zarar ta bayyana, kawuna sun sunkuya, kowa na kwafa. Kai kana bayanin layin farko, mai saurin rubutu yana layi na bakwai, babu mai sauraronka. A ƙarshe littattafansu sun cika tsaf da rubutu mai kyau, ka ba su tambaya ɗaya su zuba maka ido.

Sai dai akwai inda masu bin wannan ƙa'ida suke zarcewa. Magana ɗaya a silaid ba ta nufin layi ɗaya. Allo yana da wata fa'ida da majigi ba shi da ita: abin da ka rubuta da alli yana nan har ƙarshen darasi, silaid kuwa da ka matsa gaba ta ɓace. Yaron da ke kallon x = −2 yana buƙatar ya ga daga ina ta fito. Don haka asalin tambayar ba ta sauka daga saman silaid ta uku da ta huɗu, kuma matakan da aka wuce suna nan da launin toka, sabon matakin ne kawai yake da baƙi mai kauri. Hanya mafi sauƙi a PowerPoint ita ce ka danna silaid ɗin ka yi Ctrl+D, ka ƙara layi ɗaya a kan kwafin. Na fi son wannan a kan Appear da sauran motsin rubutu, domin idan ka mayar da fayil ɗin PDF motsin yana mutuwa, duk layukan su fito lokaci guda. Maganar sifilin nan kuwa a kusurwar allo nake rubuta ta da alli, ta zauna har a tashi.

Inda na fi kashe lokaci shi ne tambayoyin gwaji. Ba na tara su a ƙarshe. Bayan kowace magana ɗaya ko biyu akwai tambaya, ita kaɗai a silaid ɗinta, amsar kuma a silaid ta gaba. Bayan misalin can, abin da ke fitowa shi ne:

```
Solve x² + 7x + 12 = 0
A. 3, 4      B. −3, −4
C. −2, −6    D. −2, −5
```

Amsar B ce, amma sauran ukun ba cike gurbi ba ne. Wanda ya zaɓi A ya samo lambobin daidai, ya manta cewa x + 3 = 0 tana ba da −3. Wanda ya zaɓi C ya duba ninki kawai, 2 sau 6 sha biyu ne, bai gwada ya ga haɗinsu 8 ne ba. Mai D kuma haɗin ya duba ya bar ninkin. Kowane ɗalibi yana da takarda da ya naɗe gida huɗu da haruffan a jiki, in na ƙirga zuwa uku kowa ya ɗaga a lokaci guda. Cikin daƙiƙa kaɗan na san ciwon ajin. Idan A ta yi yawa, silaid ta huɗu zan koma. Idan C da D ne, ta biyu. Masanin ilimin nan na Amurka, Barak Rosenshine, ya nuna cewa a lokacin gwaji tare da malami ana son kusan kashi 80 cikin ɗari na amsoshi su zama daidai. Da wannan nake auna kaina: idan rabin aji ne kawai suka ɗaga B, ba na gaba.

Tambayoyin da ke biye kuwa abu kaɗan kawai nake canzawa kowane karo. Bayan waccan sai x² − 7x + 12 = 0, amsa 3 da 4. Sai x² + x − 12 = 0, amsa −4 da 3. Sai x² − x − 12 = 0, amsa 4 da −3. Da yake 12 ɗin ba ta canza ba, hankalin yaro yana tafiya kan alamomin, inda a nan ne ake zubar da maki a WAEC da NECO. Ta ƙarshe ita ce x² + 5x = 14. Da yawa za su rubuta x(x + 5) = 14 su ce x = 14 ko 9. Sai in nuna musu kusurwar allo, su gane da kansu cewa dokar ta sifili ce kawai. A kwaso 14 a dawo da ita, a sami (x + 7)(x − 2) = 0, amsa −7 da 2.

Wannan darasin mataimakin shugaban ya shigo ya tarar ina yi. Ya zauna a baya, ya ga na tsaya a kan tambayar farko na koma baya saboda A ta yi yawa. Bai jira an tashi ba. A gaban yara ya ce, "Malam, minti ashirin kana kan abu ɗaya, janareta na shan mai, sikim na jiranka." Na ce, "Ranka ya daɗe, rabinsu ba su gane alamar ba tukuna." Ya ce wannan aikin gida ne. Washegari na sami takardar gargaɗi cewa ba na bin tsarin makaranta kuma ina baya a sikim. Ina baya da mako guda, haka ne. Amma ko sau ɗaya bai buɗe littafin yaro ya ga abin da suka iya ba, bai kuma tambaye ni me takardun da suke ɗagawa suke gaya mini ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka zo taron iyaye da malamai, silaid ɗin nan nawa aka haska a matsayin sabon tsarin koyarwa na makaranta, ba a ambaci sunana ba, takardar gargaɗin kuma tana cikin fayil ɗina har ranar da na fita. Shawarata ga malamin da ke ƙarƙashin irin wannan shugaba: ka yi masa guda takwas ɗinsa na fayil, ka shiga aji da naka, ka kuma rubuta sunanka a ƙasan kowace silaid.

Sauran ƙanana ne. Girman rubutu kada ya gaza 28, kuma ka je bencin ƙarshe ka karanta da idonka. Baƙi a kan fari, domin hasken ranar Kano ta taga yana cinye ruwan ɗorawa da kore. Idan kana son su dube ka, danna harafin B a kwamfuta, allon majigin zai yi duhu. Ka riƙe tambayoyin a takarda saboda ɗaukewar wuta. Kada ka karanta musu abin da suke iya karantawa. Turancin yana kan silaid, kai ka yi bayani da Hausa inda ya kama.

Kwadiratik mai lamba a gaban x², irin 2x² + 7x + 3 = 0, kada a cusa shi a wannan darasin ko da sikim ya haɗa su a mako ɗaya. Sabuwar magana ce da ke buƙatar silaid ɗinta: yanzu 2 sau 3 ake nema, wato 6, da haɗi 7, a sami 6 da 1. Yaron da ya saba da hanyar jiya zai tsaya nan ya ce amsa −6 da −1, alhali sai an raba 7x zuwa 6x + x, a sami (2x + 1)(x + 3) = 0, amsa −½ da −3. A tambayar gwajin ranar, a sa −6 da −1 a matsayin zaɓin A.