Ranar da na ɗauke littafin sito

Ina kula da wani shagon taki da maganin feshi a Jega, mu bakwai har da yaran da ke ɗaukar kaya. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ciniki ya koma ta waya, lissafinmu ya rikice, sai Alhaji mai shagon ya sayo manhajar da ke rubuta shigar kaya da fitarsu. Wata Asabar a watan Yuni na tara ma'aikata, na ce daga jibi an daina littafi. Kowa ya ce to, Allah ya sa albarka. Ni kuma na ɗauka an yarda.

Ba wanda ya yi min musu. Sai dai kullum da abin da ya faru: yau babu sabis, gobe caji ya ƙare. Da na duba sai na ga cinikin yini guda duk an shigar da shi ne bayan magariba, cikin minti ashirin. Wato akwai inda ake fara rubutawa. A ƙarshen sati na uku manhaja ta ce akwai buhun yuriya 214, muka ƙirga 197. Alhaji ya fara zancen sata.

Da yamma na tarar da dattijon da ke riƙe da sito yana alwala, na jira ya idar da salla, na ce, "Baba, buhu goma sha bakwai ɗin nan, ina suka shiga?" Ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu, duk da ajami. Goma sha ɗaya suna hannun manoman shinkafa da ya saba ba su bashi sai kaka, da sanin Alhaji tun shekaru, a baki kawai. Shida kuma an farke su an sayar tiya-tiya ga masu ƙananan gonaki. Ya ce, "Ɗana, abin naku bai san bashi ba, bai san tiya ba. In mutumin da muka yi shekara ashirin muna hulɗa ya zo, in ce masa na'ura ta hana?"

Gaskiyarsa. Yadda aka saita manhajar, kaya ba sa fita sai an biya, kuma buhu mai kilo hamsin kaɗai ta sani. Littafin da na raina yana ɗauke da ayyukan da ban taɓa lissafawa ba. Da na tambaye shi tun kafin a saita, da aikin yini ɗaya ne.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Biyu daga cikin yaran karatun bokonsu bai yi nisa ba, manhajar kuwa da Turanci take, kuma ba mai son ya yi ta lalube a gaban mai saye. Mai karɓar kuɗi ya ɗauka an kawo ta ne don a sa masa ido. Wani ma ya ji a kasuwa wai za a rage mutum biyu. Tun da ban yi bayani ba, jita-jita ta yi a madadina. Ga shi na zaɓi farkon damina, lokacin da layi ke kaiwa bakin titi.

Muka koma littafi. A watan Satumba na sake tayar da zancen, saura sati shida, domin a fara kafin masu noman rani su taso. Wannan karon da Baba na fara, mu biyu, tun kafin taro, don kada ya ji labarin sitonsa a gaban yaransa. Na kuma roƙi Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa ba wanda za a sallama, saboda ni ba ni ke biyan albashi ba, alkawarina ba ya da nauyi. A taron na faɗi dalili, na faɗi ranar farawa, na ware abin da ya riga ya tabbata da wanda har yanzu ana iya sauyawa. Maimakon in tambayi ko akwai mai magana, wanda amsarsa kullum shiru ce, sai na bi su ɗaya-ɗaya: wane ciniki ka yi jiya da wannan abu ba zai iya rubutawa ba? Nan aka fito da kayan da ake dawowa da su, da buhun da ya yage a mota.

Wanda ya sayar mana da manhajar ya ƙara gurbin bashi, da sunan wanda ya tsaya wa manomi, ya sa farkakken buhu ya koma kilo-kilo. Sati biyu muna rubutawa a littafi da manhaja tare, muna gwadawa kowace yamma, da sharaɗin kuskuren wannan lokaci ba a cire shi a albashin kowa. Aikin ya ninku, an yi ƙorafi, kuma sati biyun ma sun so su yi yawa.

Baba har yau bai taɓa allon da hannunsa ba. Shi ke faɗa, ƙaramin yaron shago ya shigar, littafin ajaminsa na nan a aljihu. Ranar ƙirga sito, shi muke fara buɗewa in lamba ta ƙi daidaita.