Mafarkin Balaga Ba Ya Tsotse Ƙarfin Kowa

Ɗan yayata na tarar a tasha, tsaye gaban mai maganin lasifika, yana ƙirga kuɗin makarantarsa zai sayi gorar maganin sanyi. Wai mafarki ya ƙarar masa da ƙarfi.

Ni ma haka na yi a ƙuruciyata. Duk asubar da na farka na ga wandona a jiƙe, sai gabana ya faɗi. An ce mana maniyyi daga ɓargo yake tsatsowa, in ya zube ba ya dawowa, wasu kuma suka ce aljana ce ta aure ni. Na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci har gudawa ta kwantar da ni. Na dinga hana idona barci don kada mafarkin ya zo, da safe in tashi jiki a mace, kai na sarawa, in ce ai ga shaida. Ashe rashin barci da fargaba ne suke cina. To amma wa zan tambaya? Baba ba a yi masa irin wannan zance, malaminmu kuma iyakarsa wankan janaba. Duk da haka asibiti na nan kusa da gidanmu, kunya ce ta hana ni shiga.

Sai da na girma wani likita ya warware mini. Abin da ke fita a lokaci guda bai wuce cokalin shayi ba, kuma galibinsa ruwa ne daga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke kusa da mafitsara. Ba ya haɗa hanya da ɓargo, ba kuma jini ne ya rikiɗe ba. 'Ya'yan maraina suna ƙera ƙwayoyin haihuwa miliyoyi kullum, waɗanda ba su fita ba ma jiki ne yake narkar da su. Shi ya sa mafarki ba ya ƙarar da haihuwa, ba ya kawo rama. Wani yakan yi shi a kai a kai, wani da ƙyar, kuma duk lafiyarsu ƙalau.

Ɗana, ka ajiye gorar nan. Ka yi wankanka ka tafi makaranta. Ko da rana a watan azumi ya same ka cikin barci, azuminka bai karye ba.

Ku yaran yanzu kuna ba ni haushi! Waya na hannunku, amma bidiyon masu tallar magani kawai kuke bi. Ku daina yawan tambaya a kan abin da ba cuta ba. A'a, ku tambaya, amma wanda ya sani. In akwai zafin fitsari, ko mugunya na ɗiga ido biyu, ko jini a maniyyi, ko maraina sun kumbura, wannan ba mafarki ba ne, a tafi asibiti a ranar. In kasala ta ƙi tafiya, a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini.