Yadda na yi bayanin kairaliti da ƙwayar ibufurofen

Da aka ba mu aikin rubutu kan kairaliti a darasin kimiyyar haɗa magunguna, na yanke shawarar ba zan rubuta layi ko ɗaya ba sai na riƙe abin a hannuna. Na mulmula laka ta zama kabon, na soka mata tsinken sakace huɗu, na maƙala wa kowane tsinke takarda mai launi daban. Na yi ta biyu ina kallon ta farko a madubi. Na yi ta juya su, amma duk lokacin da launi biyu suka dace, sauran biyun sai su saɓa. Ma'anar ke nan gaba ɗaya: kabon da ke riƙe da abubuwa huɗu mabambanta yana da siffa biyu, kowace hoton 'yar'uwarta ce a madubi, kuma ba sa hawa kan juna. Su ake kira enantiyoma.

Na zaɓi ibufurofen domin kowa ya san shi a kemis, kuma irin wannan kabon ɗaya tal gare shi. Abubuwa huɗun da yake riƙe da su: COOH, zoben benzin, CH3 da H. Wajen raɗa wa kowace siffa suna, R ko S, ana jera abubuwa huɗun bisa lambar atom. H ne na ƙarshe. Sauran ukun duk da kabon suka fara, don haka sai a duba abin da ke biye. Kabon na COOH yana riƙe da oksijin, shi ne na ɗaya. Na zoben yana riƙe da wasu kabon, na biyu. CH3 haidirojin kawai gare shi, na uku. Sai ka juya H ya koma can baya, ka bi ɗaya, biyu, uku. In ka tafi yadda hannun agogo ke tafiya, R ce, in akasin haka, S. A nan ake yawan zamewa: idan a zane H na fuskantarka, amsar da ka samu juyayya ce. Kuma R da S ba sa gaya maka ta wane ɓangare sinadarin ke karkatar da haske, wannan sai an auna da na'ura.

Sashen da ya fi cin lokacina shi ne dalilin bambancin aiki. Siffofin biyu nauyinsu ɗaya, a zafi ɗaya suke narkewa, a ruwa ma halinsu ɗaya. Bambancin ba ya fitowa sai sun haɗu da wani abu mai ɓangare irin nasu, kuma furotin ɗin jikinmu duk haka suke. Takalmin hagu da na dama fata ɗaya ce, ɗinki ɗaya, sai ƙafa ta shiga ake sanin wanne ne wanne. Na kawo bayanin masana biyu, Easson da Stedman, na 1933, cewa magani na buƙatar kama gurbinsa a wuri uku. Siffa ɗaya ta kama ukun, ɗayar ko ta yaya aka juya ta biyu kawai take samu. A ibufurofen, S ce ke toshe inzayim ɗin COX mai haddasa ciwo da kumburi. R ba ta taɓuka abin kirki a wurin, sai dai jiki na mayar da wani kaso nata zuwa S, kuma ba ya mayar da S zuwa R. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake sayar da shi a gauraye, rabi da rabi.

Talidomaid kuwa na taka shi a hankali, domin rayukan mutane ne a ciki. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu juna biyu suka sha don laulayi da rashin barci, aka haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Ana yawan cewa R ce mai sa barci, S ce mai illa, da an ba da R zalla da an tsira. Ban yarda in rubuta haka ba. A cikin jini siffofin biyu suna rikiɗa zuwa juna, ko wacce aka sha ɗayar za ta bayyana. Saboda haka na ajiye shi kusa da ibufurofen a sakin layi ɗaya: ibufurofen rikiɗarsa hanya ɗaya ce, talidomaid kuwa kai da komowa.

Na rufe rubutun da matakin da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauka a 1992, inda ta nemi masu ƙirƙirar sabon magani su binciki kowace siffa daban, su kuma duba ko tana rikiɗa a jiki kafin su zaɓi wadda za su fitar.