Rage nauyin taswirar mazaɓu ba tare da iyakoki sun tsage ba

Aikin da aka ba ni shi ne in ɗora taswirar mazaɓun Jigawa 287 a intanet, yadda malaman gona za su buɗe ta a waya suna ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa, inda netwok sai an yi haƙuri. Fayil ɗin ya yi nauyi, don duk inda iyaka ta bi kogi ko fadama, ɗigo-ɗigo ne birjik a kowace kwana.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, shapefile, nau'in fayil ɗin da taswirar take ciki, yana ajiye iyakar maƙwabta sau biyu: kowace mazaɓa da nata kwafin layin. Simplify kuwa, umarnin rage ɗigogi na manhajar taswira ta QGIS, ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar mazaɓun. Sai ya zubar da wani ɗigo a wannan ɓangaren, ya bar shi a wancan. Kamar manoma biyu ne kowa ya ja kunyar iyaka shi kaɗai: nan a bar fili ba mai shi, can a hau gonar juna. Na gwada don in gani da idona. Daga nesa lafiya lau, amma da na matso da taswirar, na sa launi mai duhu a ƙarƙashi, sai ga tsagogi sirara suna leƙowa a bakin kogin.

Sai na koma kan Mapshaper, wata manhajar gyaran taswira. Shi yana fara gano layin da mazaɓu biyu suka yi tarayya a kai, ya mai da shi ɗaya, ya rage shi sau ɗaya.

```
mapshaper -i mazabu.shp snap -clean \
  -simplify 10% keep-shapes \
  -o format=topojson mazabu.json
```

Jerin umarnin yana da dalili. Idan tun asali ɗigogin maƙwabtan ba su hau kan juna daidai ba, ko da da taku ɗaya ne, layi biyu zai ɗauke su, tsagar ta dawo. Shi ya sa `snap` da `-clean` suke zuwa kafin ragewa. Babbar tsaga kam ba lallai su rufe ta ba. Wannan sai a zauna a gyara da hannu, a kuma tambayi wanda ya san wurin.

`10%` na nufin a bar kashi goma cikin ɗari na ɗigogin da za a iya cirewa. Da na sauko zuwa `2%`, ƙananan mazaɓun cikin garin Haɗeja suka koma masu kusurwa uku-huɗu, alhali manyan na karkara ba su nuna komai ba. `keep-shapes` yana hana su ɓacewa ne kawai, ba ya kare kamanninsu. Don haka da ƙaramar mazaɓa nake auna inda zan tsaya.

Iyakokin ƙananan hukumomi 27 ma ban rage su daga wani fayil dabam ba. Daga mazaɓun da na riga na rage na haɗo su da `-dissolve`, don layukan biyu su kwanta a kan juna. Asalin fayil ɗin kuwa yana nan a ajiye, da shi ake lissafin faɗin ƙasa.