Layin gwajina ya lanƙwashe, kuma laifin ba na fifet ba ne

'Yan'uwa masu koyo, kwana uku na yi ina zargin hannuna a kan laifin da bai aikata ba, sai jiya da yamma na gano inda gizo ke saƙar, shi ya sa nake rubuta muku wannan tun abin bai huce ba.

Aikin shi ne wanda kowa yake farawa da shi: zana layin gwaji na zuƙar haske da famanganet, wato KMnO₄, a tsawon zango na nanomita 525, cikin kubet, wato ɗan mazubin da haske yake ratsawa, mai faɗin santimita 1. Daga uwar haɗi guda na sirka ma'aunai bakwai, masu miligiram 10, 20, 40, 60, 100, 150 da 200 a kowace lita, na saita sifili da tataccen ruwa, sannan na auna daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. Ga abin da na'urar auna zuƙar haske ta ba ni bi da bi: 0.151, 0.302, 0.601, 0.897, 1.46, 1.99 da 2.23.

Da na ja miƙaƙƙen layi ta cikin ɗigo bakwai ɗin, R², lambar da ke nuna yadda ɗigo suka dace da layi, ya fito 0.97, kuma ba zan ɓoye muku ba, a ranar farko na yi murna da wannan lamba. Abin da ya hana ni sakewa shi ne layin ya yanki gefen zuƙar haske a wajen 0.15, alhali ruwan da babu komai a cikinsa sifili ya karanta. Layin da yake cewa ruwa zalla yana zuƙar haske kamar haɗin miligiram 10 ba layin da za a amince da shi ba ne, komai kyan lambar da ke gefensa.

Zargina na farko ya faɗa kan sirki. Na zubar da komai, na sake haɗa uwar haɗi sabuwa saboda famanganet yakan lalace idan ya daɗe a haske, har ya bar ruwan ƙasa-ƙasa a jikin kwalba. Na wanke kwalaben awo, na sake jan kowane ma'auni da fifet a tsanake. Yini guda cur ya tafi a haka, lambobin kuma suka dawo kusan yadda suke. Takaicin da na ji ba kaɗan ba ne, amma maimaituwar ita ce ta buɗe mini ido, domin kuskuren hannu yakan warwatsa ɗigo sama da ƙasa ba bisa tsari ba, nawa kuwa sau biyu suna lanƙwasa ta gefe ɗaya a wuri ɗaya.

Sai na ajiye zanen, na raba kowace zuƙa da ƙarfin haɗinta. Idan dokar Beer da Lambert, wadda ta ce zuƙar haske tana hawa daidai da ƙarfin haɗi, tana aiki, wannan rabon bai kamata ya motsa ba. Ma'aunai huɗu na farko sun tsaya tsakanin 0.0150 da 0.0151. Na miligiram 100 ya sauko 0.0146, na 150 ya faɗo 0.0133, na 200 kuma ya zube har 0.0112. Wannan ɗan lissafi, wanda bai ɗauke ni minti biyar ba, ya nuna mini abin da R² ya rufe. Tazarar kowane ɗigo daga layin ma ta faɗi magana ɗaya: na farko-farko suna ƙarƙashin layi, na tsakiya suna samansa, na ƙarshe ya koma ƙasa, kamar baka.

Saura tambayar da ta fi ci mini rai, wato ko sinadarin ne ya sauya hali da ya yi kauri, ko kuwa na'urar ce ta gaza. An saba cewa ƙwayoyin sinadari suna fara shafar juna idan haɗi ya haura mol 0.01 a lita. Amma nauyin mol ɗaya na famanganet giram 158 ne, saboda haka miligiram 200 a lita bai wuce mol 0.0013 ba, ya yi ƙasa da wancan iyaka sosai. Hankalina sai ya koma kan ɓataccen haske, wato ɗan hasken da yake isa ga sashen na'urar da ke auna haske ba tare da yana cikin zangon da aka zaɓa ba, don haka samfurin ba ya shanye shi.

Ga yadda abin yake. A zuƙa 1, kashi 10 cikin ɗari na hasken ne yake ratsa kubet. A zuƙa 2 kashi 1 ne. A zuƙa 3 kuwa ɗaya cikin dubu ne kacal. Idan akwai ɗan haske da yake kutsowa kullum, ba a jin sa lokacin da hasken gaskiya yake da yawa, amma idan na gaskiya ya ragu sosai sai baƙon ya rinjaye shi. Lissafinsa shi ne:

```
A = log10((1 + s) / (T + s))
```

inda T shi ne rabon hasken da ya ratsa samfurin, s kuma rabon ɓataccen haske. Da na gwada s a matsayin 0.005, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai lambobina suka zauna daram. Ma'aunin miligiram 200 ya kamata ya ba da kusan 3.04, lissafin ya ce na'urar za ta nuna 2.23, abin da ta nuna ke nan. Lissafin ya ƙara da cewa ko tawada na zuba mata ba za ta haura 2.3 ba, domin nan ne rufinta.

Daidaituwar lissafi ba hujja ce cikakkiya ba, don haka na sayi kubet mai faɗin milimita 1, wadda kuɗinta ya fi na kwali guda na kubet ɗin roba, kuma har yanzu ina jin zafinsa. Amma ita ce ta raba gardama. Na zuba haɗin miligiram 200 ɗin nan ba tare da na sirka shi ba, sinadarin yana nan da kaurinsa, hanyar hasken kawai ta gajarta sau goma. Na'urar ta karanta 0.30, daidai da na miligiram 20 a babbar kubet. Da sinadarin ne ya sauya hali, da ƙarancin ya biyo shi cikin ƙaramar kubet, ta nuna wajen 0.22.

Yanzu layina ya tsaya a kan ma'aunai huɗu na farko, hawansa 0.0149, yana yankar gefe a 0.003, kuma na rubuta a littafina cewa aikinsa daga miligiram 10 zuwa 60 ne. Na yi ta kai-kawo a kan ɗigon miligiram 100, domin ƙarancinsa wajen kashi 3 ne kawai, amma na cire shi tunda lanƙwasar ta riga ta fara a can. Akwai masu jan lanƙwasasshen layi don su riƙe dukkan ɗigo, ni dai ban zaɓi haka ba, saboda inda layin ya kwanta, ƙaramin motsi a karatun na'ura yakan zama babban kuskure a ƙarfin haɗi.

Samfurin da aka ba ni in gano ƙarfinsa ya karanta 2.06. Da na miƙa layina har can, da na ce miligiram 138 ne. Na ɗebi mililita 10 na cika zuwa 50, ya karanta 0.48, wato miligiram 32, idan aka ninka sau biyar 160 ke nan. Gobe zan ƙara ma'aunai biyu, na 70 da na 85, in ga ko iyakar za ta ɗan matsa sama.