Ranar da na ce wa Alhaji albarka

Shagon kafinta gare ni a Kano, da yara shida. Bara wata makarantar kuɗi ta sa muka yi mata benci 120, kowanne naira 25,000, miliyan uku ke nan. An ba ni miliyan ɗaya kafin alƙalami, muka kai kaya, sai shiru har wata bakwai.

Rannan sai ga akawun makarantar da takarda. Wai Alhaji mai makarantar ya ce in karɓi 900,000, in sa hannu cewa an biya ni kaf, don benci 14 sun saki. Kuɗin ina matuƙar buƙatarsu, mai katako ya hana ni sakat. Amma takardar ce abin tsoro, domin duk wanda ya sa hannu cewa an sallame shi, da wuya ya dawo neman ciko, ko a gaban alƙali.

A kasuwa idan tayi ya yi ƙasa, mai kaya ba ya zagi, cewa yake albarka, mai saye ya ƙara. Haka na yi. Na ce wa akawun, "Malam, ka gaida Alhaji, na gode da ya tuna da ni. Wannan bai kai ba, amma jibi zan zo mu duba bencin tare."

Kafin in je na zauna da biro. Ko da bencin 14 ɗin sun tashi aiki gaba ɗaya, kuɗinsu 350,000 ne, saura 1,650,000. Da na gan su ma, gam ne ya saki a mahaɗa, gyaran yini biyu. Na kuma yanke wa kaina iyaka, ƙasa da 1,600,000 ba zan sallama ba, kuma ban gaya wa kowa wannan ba.

Sai na rubuta wa Alhaji wasiƙa gajera, babu gori a ciki. Gyara a kaina. Na rage masa 200,000, ya biya 1,800,000 kashi uku: 900,000 ɗin nan yanzu, a rubuta a rasit cewa wani ɓangare ne na bashi, sauran kuma a farkon zangon karatu biyu masu zuwa, lokacin da iyaye ke biyan kuɗin makaranta. Wannan ne ya fi aiki, don ashe ba ƙin biya yake ba, hannunsa ne ya bushe. Wani lauya maƙwabcina ya ƙara layi ɗaya, cewa rangwamen na neman sulhu ne kawai, idan ba a daidaita cikin mako biyu ba bashin yana nan miliyan biyu. Kotu kuwa ban ambace ta ba sam, don ina son aikinsa na gaba.

Kwana tara ya kira ni. "Malam kafinta, ka bar mini a 1,700,000." Na ce, "Alhaji, na sallama, amma a rubuta ranakun biya, da shaida biyu." Kashi na ƙarshe ya makara da mako uku, sai da na yi sawu biyu.