Laraba, minti 10 da takarda guda

Bayan La'asar na hau Keke Napep daga Yelwa zuwa Wunti, gidan Gwaggo. A Damagaram ta yi koyarwa kafin aure ya kawo ta Bauchi, don haka ita ce mai jarraba ni har ranar DELF B1, jarrabawar harshen Faransanci.

Kashi uku ne jarrabawar bakin, duka wajen minti 15, maki 25. Gabatar da kai ba ya ba ni wahala. Na biyun, inda ake kwaikwayon wata matsala da mai jarrabawa, shi ma da sauƙi, in dai na tuna da "ku" na girmamawa idan ya fito a matsayin baƙo. Na ukun ne ke hana ni barci. Za ka zari gajerun rubutu biyu ka zaɓi ɗaya, a ba ka minti 10 ka shirya, sannan ka faɗi ra'ayinka. Wannan kashin minti 5 zuwa 7 ne, har da tambayoyin da za su iya biyo baya.

Gwaggo ta kifa takardu biyu a kan tabarma, ta saita agogon wayarta. Na zaɓi batun hana ɗalibai shiga makaranta da waya. Na duƙufa ina rubuta cikakkun jimloli, ina gogewa, ina gyara aikatau. Agogo ya buga ban gama hujjar farko ba. Na karanto abin da na rubuta kaina a sunkuye, minti 2 ya ƙare, sai na yi tsit. Wallahi sai da idona ya ciko.

"'Yata, wasiƙa aka ce ki rubuta?" in ji ta. "Mai jarrabawa yana jin muryar karatu tun daga jimlar farko. Ɗago kai."

Ta ninke takarda huɗu ta ce kada in wuce gefe ɗaya. Layi biyar kawai: batun da kalmomina, ba na rubutun ba, matsayata, hujja biyu, kowacce da misali daga rayuwata, sai rufewa. Kowane layi kalma uku ko huɗu. Minti 2 karatu, 6 rubutu, 2 in maimaita jimlar buɗewa a zuci.

Muka sake da batun. A layi na uku na rubuta "ƙanena, dare, barci a aji". Da na iso wurin sai labarin ya zo da kansa, har da aikatau na shuɗaɗɗen lokaci da nake tsoro, tunda abin a gabana ya faru. Na yi kuskuren jinsi sau uku, Gwaggo ta ƙirga da yatsu, amma ban tsaya ba. Minti 4 da rabi.

Sai ta jefo tambaya: to ɗalibin da gidansu ke da nisa, ya zai kira iyayensa? Nan na yi ta kame-kame. Ta ce gobe in ƙara layi na shida, hujjar masu adawa da amsata. Ta ba ni sababbin takardu biyu a ninke, ta ce kar in buɗe sai na saita agogo.